Yadda Gidan Burodi Ke Sanar Da Ƙarin Kuɗi

Yawancin alkamar da ake niƙa wa fulawa a Najeriya daga waje ake shigo da ita, da dala. Shi ya sa faɗuwar naira a 2023 ta taɓa kowane gidan burodi.

Na ga takarda manne a ƙofar wani gidan burodi a Kano: “Abokan cinikinmu masu daraja, ku yi haƙuri. Buhun fulawa ya tashi, daga Litinin za mu ƙara kuɗi. Nauyin burodin yana nan yadda kuka sani.”

Wannan layi na ƙarshe ya fi burge ni, domin wasu rage ƙullin suke yi a ɓoye. Mai shayi kuwa yana gane hakan tun daga yanka. Masu gidajen burodi, ku riƙa ba da sanarwar mako guda.