Iyafis ya haɗu, amma waya na ta magana da bakinta

Mutum ya saƙala iyafis mara igiya a kunne, ya danna saƙon murya a WhatsApp, sai muryar ta karaɗe motar haya kowa ya ji. Ya duba saitin bulutut, ga sunan iyafis ɗin nan a rubuce. Galibi babu abin da ya lalace.

Idan waya ta nuna Paired, abin da take nufi shi ne ta taɓa haɗuwa da wannan iyafis, sun yi musayar mabuɗin sirri, ta kuma adana sunansa. Ko yana cikin akwatinsa a gida, ko cajinsa ya ƙare, sunan zai ci gaba da zama a jerin. Sai ta rubuta Connected ne ake da haɗi a wannan lokacin. Yawancin iyafis masu araha na'ura ɗaya suke iya riƙewa a lokaci guda, kuma da an buɗe akwatin sai su nemi wadda suka yi aiki da ita a ƙarshe. In ƙaninka ya ara jiya, kuma bulutut ɗin wayarsa na kunne a cikin tazarar kamar mita 10, to can iyafis ɗinka ya tafi. A kashe na waccan wayar, sannan a danna sunansa a taka.

Wanda ya fi ruɗa mutane shi ne a ga Connected ɗin, amma sautin ya ƙi shiga kunne. Dalili kuwa, ba ta hanya ɗaya bulutut yake ɗaukar sauti ba. Kira yana bi ta tsarin HFP, waƙa da bidiyo da karatu kuwa suna bi ta A2DP, kuma ɗaya na iya haɗuwa ɗayan ya ƙi. Gane wannan ba wuya: a kira wani. In muryarsa ta zo ta iyafis amma bidiyo na fita ta lasifika, hanyar A2DP ce a rufe.

A wayar Android, a shiga Settings, a buɗe jerin na'urorin bulutut, a danna alamar saiti da ke gefen sunan iyafis ɗin. Akwai makunnai biyu, na kira da kuma Media audio (a wasu wayoyin Audio kawai aka rubuta). A kunna na biyun. In dama a kunne yake, a kashe a sake kunnawa. A iPhone babu wannan makunni. Ana zaɓen mafitar sauti ne ta alamar AirPlay a cikin Control Centre.

In duk an yi haka bai ji ba, a danna Forget ko Unpair, a mayar da iyafis akwatinsa, a haɗa su sabo. Ƙararrawar tashi daga barci kuwa kada ta dame ka, wayoyi da yawa da gangan suke fitar da ita ta lasifika. Kafin ka kai wa mai gyara, gwada iyafis ɗin a wata waya. In ya yi sauti a can, matsalar tana saitin wayarka.