Sabon katin girafik mai sauƙin kuɗi ko tsoho mai tsada: yadda ake lissafin a Zongon Kotonu

Wani tsohon ɗalibina a nan Zongon Kotonu yana haɗa bidiyon biki da na suna da rana, da dare kuma samarin unguwa na taruwa a shagonsa su yi wasan kwamfuta suna biya. Ya tara kuɗi zai canza katin girafik, wato ɓangaren kwamfutar da ke zana duk abin da ake gani a allo. Sai ya zo mini da tambaya: "Malam, an kawo mini biyu. RTX 4060 sabo a kwali, da RTX 3070 na hannu wanda ya ɗan fi shi tsada. Mai sayarwa ya ce tsohon babban yaya ne. Ni kuma na ga lambar sabon ta fi girma. Wanne zan ɗauka?"

Su biyun kowa ya kama gefe guda na gaskiya, don lambar da ke jikin katin abu biyu take faɗa. Lambobi biyu na farko su ne zuriya: 30 ta fito a 2020, 40 kuma ta biyo baya daga ƙarshen 2022. Biyu na ƙarshe su ne mataki a cikin zuriyar, 70 na sama da 60. Ke nan 4060 ƙaramin ɗa ne a sabon gida, 3070 kuma na tsakiya ne a tsohon gida. Kamfanin Nvidia ya fitar da RTX 3070 a watan Oktoba na 2020 a kan dalar Amurka 499, ya fitar da RTX 4060 a watan Yunin 2023 a kan dala 299.

Wannan dala 499 ita ce abu na farko da ya kamata mai saye ya cire daga kansa. Mai kaya zai riƙa maimaita ta, amma kuɗin da wani ya biya a 2020 ba ya ƙara wa katin gudu yau. Shi kansa 3070 ya taɓa yi wa na gaba da shi haka: da ya fito, ya yi kusan kunnen doki da RTX 2080 Ti na 2018, wanda aka sayar a kan dala 999 zuwa sama, darajar wannan tsohon ta faɗi nan take.

To a yau wa ya fi gudu? Tsohon ne. A gwaje-gwajen wasanni da masu bitar kaya suka yi, 3070 na gaban 4060 da kusan kashi ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin huɗu, tazarar kuma tana ƙaruwa idan allon ya fi girman 1080p. Dalilin na cikin ginin katin. Duka biyun suna da ma'ajiyar gigabait 8, amma hanyar da bayanai ke bi tsakanin ma'ajiyar da ƙwaƙwalwar katin ba ɗaya ba ce: a 3070 faɗinta bit 256 ne, tana ɗaukar gigabait 448 a daƙiƙa, a 4060 kuwa bit 128 ne, gigabait 272. Nvidia ta rage wannan giɓin ne da sanya wa sabon wata ƙaramar ma'ajiya mai sauri a cikin ƙwaƙwalwar kanta, megabait 24 maimakon 4. Kamar mai shago ne da ke ajiye kayan da aka fi nema a ƙarƙashin tebur don kada ya riƙa zuwa sito. Muddin abin da ake nema na ƙarƙashin teburin, ciniki na tafiya da sauri. Da hoton ya yi girma, dole a koma sito, a nan ƙuncin hanyar ke bayyana.

Sai mu zo kan kuɗi. Farashi a nan yana motsi da canjin dala da naira, da kuma ko kayan ta Legas suka shigo ko daga Faransa, don haka alƙaluman da zan yi aiki da su misali ne kawai, kowa ya sa nasa. Mu ce sabon sefa 230,000 ne, tsohon 250,000. Mu ba wa gudun sabon maki 100, na tsohon 125. Idan aka raba kuɗi da maki, kowane maki na sabon ya tashi a kan sefa 2,300, na tsohon 2,000. A wannan lissafin tsohon ya ci, kuma a nan yawancin masu saye ke tsayawa.

Amma kati ba ya aiki shi kaɗai. RTX 3070 na jan wat 220 idan yana cikakken aiki, RTX 4060 wat 115. Nvidia na ba da shawarar akwatin wuta mai wat 650 ga na farko, 550 ga na biyu, kodayake a aikace akwati mai kyau da bai kai haka ba yana riƙe 4060 lafiya. Kwamfutar ɗalibin nawa tana da akwati mai wat 500, na kirki. Sabon katin zai zauna a kai, tsohon kuwa sai an canza akwatin. Mu sa sefa 45,000. Kada a yi wasa da wannan wurin: akwati maras suna da aka rubuta wa 650 a jiki alhali ba ya bayar da hakan shi ne ke kashe kwamfuta a tsakiyar aiki, wani lokaci ya tafi da katin gaba ɗaya.

Sannan wuta. Bambancin wat 105 ne. Idan katin na cikakken aiki awa shida a rana, a wata ya zama kilowat-awa 18.9. Mu ɗauki sefa 125 a kowane kilowat-awa (ka duba rasidin SBEE naka ka sa ainihin abin da kake biya), ya kama kusan sefa 2,360 a wata, wajen 56,700 a shekara biyu. Yanzu tsohon katin ya tashi a kan 250,000 da 45,000 da 56,700, jimla 351,700. Raba da 125, kowane maki ya haura sefa 2,800. Sabon na nan a 2,300.

Abin da na fi so a wannan lissafin shi ne ana iya juya shi ya zama kuɗin tayi. Idan makin sabon 2,300 ne, maki 125 sun cancanci sefa 287,500. Cire kuɗin akwati da na ƙarin wuta, saura kusan 185,000. Wannan ne iyakar abin da 3070 ya cancanta a wurin wannan yaron, tun kafin a yi maganar cewa na hannu ne. Amma ɗauki wani da ke da akwati mai ƙarfi tun asali, yana wasa awa biyu kawai a rana a gida. Ƙarin wutarsa a shekara biyu bai wuce sefa 19,000 ba, don haka tsohon katin ya cancanci har wajen 268,000 a wurinsa, 250,000 ɗin kuma ciniki ne mai kyau. Kati ɗaya, farashi ɗaya, amsa biyu.

Akwai kuma tambayar ko za ka ga ƙarin gudun da ido. Allon shagon nan 1080p ne mai nuna hoto 60 a daƙiƙa. Idan sabon katin na fitar da 90 a wasan ƙwallo, tsohon na fitar da 110, allon 60 zai nuna a duka biyun. Maki 25 ɗin da muka yi ta lissafi a kansu sai a wasanni masu nauyi ko a babban allo suke fitowa. A aikin bidiyo ma sabon na da abin da tsohon ba shi da shi: yana iya matse bidiyo a tsarin AV1, wanda ke ba da ƙaramin fayil a kan kyan hoto iri ɗaya, yayin da 3070 ke iya karanta AV1 amma ba ya iya rubuta shi. Sai dai mafi yawan masu biki ta WhatsApp ko a filashi suke karɓar bidiyonsu a tsarin H.264, wanda duka biyun ke yi da kyau, don haka ban ba wannan nauyi sosai ba.

Inda nake jan kunnen mutane shi ne alƙaluman da ke jikin talla. Zuriyar 40 ta zo da DLSS 3, wanda ke ƙirƙiro hoto ya saka tsakanin hotuna biyu na ainihi. Lambar da ke kusurwar allo tana tashi sosai, motsi ya yi santsi, amma wasan ba ya amsa hannunka da saurin da lambar ke nunawa, kuma ba kowane wasa ke da shi ba. A Janairun 2025, a bajekolin CES na Las Vegas, shugaban Nvidia Jensen Huang ya gabatar da RTX 5070 na dala 549 a matsayin mai ƙarfin RTX 4090 na dala 1,599. Da katin ya shiga hannun masu gwaji, sai aka ga maganar ta dogara ne a kan ƙirƙirarrun hotunan. Idan aka kashe su, 4090 na gaba da nisa. Duk jadawalin da za ka kwatanta zuriya biyu da shi, ka tabbata an kashe wannan a duka ɓangarorin.

Saura lafiyar katin na hannu. Zuriyar 30 ta faɗo daidai lokacin haƙar kuɗin Ethereum, an kuma yi amfani da 3070 da yawa a wannan aikin dare da rana, har zuwa 15 ga Satumba 2022 da Ethereum ta daina amfani da haƙa, katunan suka kwararo kasuwar gwanjo. Ba duk wanda ya yi haƙa ne ya lalace ba. Abin da ya fi gajiya shi ne fanka da man da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙarfen sanyaya, wanda ke bushewa. A Kotonu kuma ga zafi, ga iskar teku mai gishiri da ke sa tsatsa, ga ƙurar hunturu. Katin da ke fitar da zafin wat 220 a shago maras na'urar sanyi ya fi shan wahala.

Kada ka biya sai an kunna shi a gabanka. A buɗe GPU-Z a ga sunan katin da girman ma'ajiyarsa sun dace da abin da aka faɗa. A sa wasa mai nauyi ko FurMark na minti ashirin, a buɗe tagar umarni a rubuta:

```
nvidia-smi --query-gpu=name,temperature.gpu,power.draw --format=csv -l 5
```

Zai riƙa nuna zafi da wutar da katin ke ja duk bayan daƙiƙa biyar. Lafiyayyen 3070 zai ja kusan wat 220, zafinsa ya hau ya tsaya wuri guda. Idan ya wuce digiri 83 yana ci gaba da hawa, fanka na kuka, katin zai fara rage gudunsa da kansa, makin nan 125 ya zama labari. Ɗige-ɗige masu launi, layuka a allo, ko allon ya yi baƙi ya dawo, alamar ma'ajiya ce ta fara lalacewa, wannan kuma ba gyaran man sanyaya ba ne, a bar shi kawai. A duba sukurorin baya ko an taɓa kwance su, a leƙa ƙarfen ko akwai tsatsa.

Ɗalibin nawa ya koma ya taya tsohon a kan 180,000, da sharaɗin a gwada shi a shagonsa. Mai kayan ya ce albarka, ya sake kawo zancen dala 499. Yaron ya ɗauki 4060, ya nemi a rubuta masa rasidi da lambar katin da wa'adin garanti a jiki, don garantin kamfani ba kasafai yake bin kayan da suka tsallako iyakar Seme ba, na mai shagon ne kaɗai zai iya kai ƙara a kai.