Dalilin da fulawar atamfa ke dawowa bayan kowane yadi

Wanda ya shimfiɗa turmin atamfa ya bi tsawonsa da tef zai ga fulawar da ya fara da ita tana dawowa a tazara guda, ba ƙari ba ragi. Injin da ke buga ta ne ya tilasta haka. Asalin sana'ar daga tsibirin Java take, inda ake zana kaki da hannu a kan ƙyalle kafin a tsoma shi a rini. A ƙarni na 19 Turawan Holan suka mayar da aikin na inji, kuma kamfanin Vlisco, wanda aka kafa a garin Helmond a 1846, har yau yana yin wadda muke kira Holan.

Ana sassaƙa zanen ne a jikin gangar jan ƙarfe. Gangar tana juyawa, ƙyalle yana wucewa, tana manna masa ƙaro gaba da baya. Duk juyi ɗaya, zane ɗaya. Kewayen gangar yakan kai kimanin yadi guda, wato inci 36, don haka dole ƙarshen zanen ya haɗu da farkonsa ba tare da an ga tabo ba. Mai zane zai iya yin fulawa mai maimaituwa bayan inci 36, ko 18, ko 12, ko 9. Idan ya so ta inci 10, uku za su cinye 30, shida su rage babu abin da zai cike su, sai dai ya matse ta zuwa 9 ko ya buɗa ta zuwa 12. Turmi yadi shida ne, inci 216 ke nan: fulawar inci 36 za ta bayyana sau 6 a tsawonsa, ta inci 12 kuwa sau 18.

Tela ne ke ɗanɗana wannan lissafi. Idan yana son fulawa ta haɗu a ɗinki, dole kowane yanki ya fara daga wuri guda a jikin zanen. Yanki mai tsawon inci 42 a atamfar da ke maimaituwa bayan inci 18 zai ci inci 54, sha biyu sun tafi. Shi ya sa babbar fulawa take cin yadi, kuma ba kullum ba ne telan da ya ce turmi bai isa ba yake da wata manufa.

Abin da ya fi burge ni shi ne ɓangaren da ba ya maimaituwa. Bayan an rina ƙyallen, galibi da shuni, ana kakkarya ƙaron a wanke wani sashe nasa, sai ya bar jijiyoyi da ɗige-ɗige waɗanda babu mai iya tsara su. Sauran launuka daga baya ake ɗora su ɗaya bayan ɗaya, kuma sukan ɗan zarce layi. To, a kwatanta fulawa biyu da ke yadi guda tsakani. A atamfar ƙaro ta gaske siffar ɗaya ce, amma jijiyoyin sun bambanta. A ta kwaikwayo, an sassaƙa jijiyoyin ne tare da zanen, don haka kowane ɗigo yana dawowa daidai inda yake, kuma bayanta yakan fi gabanta koɗewa.

Wajen kwatanta wa mai sayarwa atamfar da ake so, suna kaɗai ba ya isa. Matan kasuwa ne ke raɗa wa zane suna, kuma kowane gari da nasa: zanen da'irori da mutanen Gana ke kira Nsu Bura, wato rijiya, wasu wurare faifan garmaho suke gani a cikinsa. Mai aika saƙon anko zuwa Kantin Kwari gara ta fara da launin ƙasar atamfar, sannan babbar fulawa da girmanta, sannan yadda aka jera ta: layi-layi take, ko kowane layi ya sauka rabi ya faɗa tsakanin na kusa da shi, ko kuwa biyu-biyu suke suna fuskantar juna. Ta faɗi ko zanen yana da sama da ƙasa, domin akasari ana tsara shi ne don ɗaurin zani, inda faɗin ƙyalle yake zama tsayi, baki ɗaya a ƙugu, ɗaya a idon sawu.

Ga misali da sanannen zanen nan da ake kira Sika Wo Antaban a Gana, ma'ana kuɗi na da fiffike: ƙasa ja mai ƙananan ɗige-ɗige, tsuntsu mai tashi a cikin farin zobe mai siffar ƙwai kamar girman tafin hannu, duk tsuntsayen sun fuskanci gefe guda. Da yake zane ɗaya yakan fito da launuka daban-daban, sai ta haɗa da lambar zanen da manyan kamfanoni ke bugawa a bakin atamfar, ta kuma ambaci launin da take so a kan wannan lamba.