Ingausa a Ofis: Yadda Ake Rubuta Hirar da Kunne Zai Yarda da Ita

Duk wanda ya taɓa zaman jiran sa hannu a Sakatariyar Audu Bako da ke Kano ya san ma'aikata ba sa minti biyu a harshe ɗaya. Da Hausa ake gaisawa, a tambayi iyali da gajiya, amma da an buɗe fayil sai Turanci ya fara leƙowa, tunda da shi gwamnati ke rubuta takardunta. Wannan gauraye shi ake kira Ingausa, kuma marubutan Kannywood da na littattafai suna yawan sa shi a bakin ma'aikatan ofis. Wasu na dacewa. Da yawa kuwa, daga jin layin farko mai kallo zai san a takarda aka ƙirƙiro shi.

Abin da ke raba su shi ne Ingausa tana da ƙa'ida. Masaniyar harshe Carol Myers-Scotton, wadda ta yi nazarin masu gauraya Suwahili da Turanci a Nairobi, ta bayyana a 1993 cewa a irin wannan magana harshe ɗaya ne ke riƙe ginin jimla, ɗayan kuma kalmomi yake kawowa. A ofisoshin Kano da Kaduna, Hausa ce mai ginin.

Shi ya sa aikatau na Turanci ba ya shigowa kai tsaye. Sai an sa masa "yi" a gaba, ya ɗauki ƙarshen nan na "in": "na yi sabmitin", "ka yi kolin ɗinsa", "sun yi kansilin". Da wuya a ji ma'aikaci ya ce "na sabmit". Sunan abu kuma yakan jawo "ɗin" a bayansa, kamar "fayil ɗin" ko "mitin ɗin". Marubucin da ya tsallake waɗannan biyu ya riga ya tona wa kansa asiri.

Sai kuma dalilin sauya harshen, wanda a nan ne gwaninta take. A ɗauki fitowa ɗaya. Akawu ya makara da rahoto, darakta ya aika a kira shi.

"Ranka ya daɗe, barka da asuba. An tashi lafiya?"

"Lafiya lau. Ya mai jiki?"

"Da sauƙi, Alhamdulillahi."

"Madalla. To, ina rifot ɗin? Tun Litinin na ce ka yi sabmitin."

"Wallahi yallaɓai, sistem ɗin ne ya ƙi tashi."

A nan darakta zai ajiye biro, ya koma Turanci zalla, jimla biyu gajeru: yana son takardar a teburinsa kafin ƙarfe biyu, in ba haka ba za a ba shi kwiri. Mutumin da yanzun nan yake tambayar mai jiki ya janye zumunci, ya koma kan kujerarsa. Akawun ba zai bi shi cikin Turancin ba, domin hakan zai yi kama da ja-in-ja. Zai rusuna ya ce, "A yi haƙuri, ranka ya daɗe. In Allah ya yarda ba za a sake ba." Ya zaɓi harshen da ake neman alfarma da shi. Idan daraktan ya amsa da "Allah ya kyauta, je ka," mai kallo ya san an sauko, ba sai an gaya masa ba.

Akwai kuma sauyin da ba shi da nasaba da fushi. Lambar waya, kuɗi da matakin albashi sukan zo da Turanci a bakin ɗan boko. Haka nan idan ɗan bautar ƙasa daga Inugu ya shigo, kowa sai ya koma Turanci don kada a bar shi a duhu, ko kuma a nutsa cikin Hausa idan ana son a ɓoye masa zancen. A Yamai wasan ɗaya ne, Faransanci ne kawai ke zaune a gurbin Turanci.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne maimaici: jarumi ya faɗi jimla da Turanci, nan take ya fassara ta da Hausa. Tsoron kada 'yan kallo su ɓace ne ke jawo haka, amma ba wanda ke yi wa abokin aikinsa tafinta. Maganinsa shi ne a bar amsar ɗayan ta ɗauki ma'anar. Idan akawu ya ce "Ƙarfe biyu, yallaɓai? Ai yanzu sha ɗaya ta wuce," wanda bai je boko ba ma ya gane an ba shi wa'adi.

Wani kuskuren shi ne a raba Turancin daidai wa daida. Masinjan da ya shekara ashirin yana ɗaukar fayil ya san "memo" da "kwiri" sarai, amma cikin Hausa tsantsa yake jefa su. Yarinyar da ta gama jami'a bara takan buɗe zance da Turanci ta ƙarasa da Hausa. Gogaggun daraktocin fim kan gwada rubutun ta hanyar sa 'yan wasa su karanta da ƙarfi kafin a kunna kyamara, su kuma gyara duk layin da ɗan wasa ya yi tuntuɓe a kansa.