Tsani da Bango: A Gina Lissafi Kafin a Nemi Saurin Canji

A darasin kalkulas akwai tambayoyin da ake ba da saurin canjin wani abu, a ce a nemo na wani abin da ke ɗaure da shi. Wahalarsu tana wajen mayar da labarin ya zama ikweshan, kuma a nan ɗalibai suka fi tuntuɓe.

Ga misali: an jingina tsani mai tsawon mita 5 da bango. Gindinsa yana zamewa, yana nisantar bangon da saurin mita 0.4 a daƙiƙa. Da wane sauri kansa yake sauka lokacin da gindin ya kai mita 3 daga bango?

Abin farko shi ne a zana hoton, a raba abin da ke canzawa da wanda ba ya canzawa. Tsawon tsanin ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, don haka ana rubuta shi da lambarsa, 5. Nisan gindi daga bango kuwa yana canzawa, sai a sa masa harafi x, tsayin kan tsanin daga ƙasa kuma y. Mita 3 ɗin nan ta lokaci guda ce kawai, sai a ajiye ta gefe tukuna. An ba da dx/dt = 0.4, ana neman dy/dt.

Bango da ƙasa sun haɗu a kusurwa mai digiri 90, saboda haka ƙa'idar Pythagoras ta ba da dangantakar da ke nan daram a kowane lokaci:

x² + y² = 25

Ba sai an ware y ita kaɗai ba. Tunda x da y duk suna tafiya da lokaci t, ana yi wa ɓangarorin biyu difarenshiyeshan yadda suke, kowane harafi ya fito tare da saurinsa:

2x(dx/dt) + 2y(dy/dt) = 0

Sai yanzu lambobin lokacin suke shiga. Idan x = 3, to y = 4, kuma 2(3)(0.4) + 2(4)(dy/dt) = 0. Wannan ya ba da dy/dt = −0.3. Alamar ragi tana nuna tsayin raguwa yake yi, wato kan tsanin yana sauka da mita 0.3 a daƙiƙa.

Wanda ya yi gaggawar sa 3 a madadin x tun farko zai samu 9 + y² = 25, daga nan kuma dy/dt = 0. Ya ƙame tsanin ne wuri guda kafin ya tambayi saurinsa. Amsar ma ta tona kanta, domin ba yadda za a yi gindi ya zame kai yana tsaye.

Lissafin yana da iyaka. Idan x ta kai 4, saurin saukar ya haura mita 0.5 a daƙiƙa, kuma yayin da y take kusantar sifili yana hauhawa ba iyaka. Tsanin gaske ba ya haka. Ikweshan ɗin ya ɗauka kan tsanin yana manne da bango har ƙasa, alhali kafin ya kai can ya riga ya rabu da bangon.