Yadda ake auna faɗin ganye daga hoto

Ganyen wake ba shi da kusurwa huɗu, balle a ɗora masa rula a ce tsawo sau faɗi. Shi ya sa masu binciken noma kan shimfiɗa shi a farar takarda, su ajiye rula a gefe, su ɗauki hoto daga sama, su buɗe shi a ImageJ, manhajar kyauta da Wayne Rasband ya fitar a 1997.

Hoto dai tarin ƙananan ɗigo ne, kowanne da launinsa. A `Color Threshold` ana jan maɓallin `Hue`, mai lamba 0 zuwa 255, a tsayar da iyakokinsa a kewayen 85, mazaunin kore. Nan take ganyen zai rine ja, alamar an zaɓe shi. Sai `Analyze Particles` ta ƙirga ɗigon.

Rula ce ke mayar da ƙirgen awo. A ce santimita 5 ta ci ɗigo 400, wato 80 a kowace santimita. Murabba'in santimita guda kuwa 80 sau 80 ne, ɗigo 6,400. Ganye mai ɗigo 192,000 ya zama murabba'in santimita 30 ke nan. Nan ɗalibai ke yawan tuntuɓe: su raba da 80 kawai, su sami 2,400 a maimakon 30!

Hoton ma yakan yi ƙarya. Idan rula ta fi ganyen kusa da kyamara, awon zai gaza na gaskiya. Gefen da cuta ta mayar rawaya kuwa yakan zame daga zaɓin, a gan shi bai rine ba, sai an buɗa iyakar `Hue` ta ƙasa.