Minti Biyar Kafin a Fita Rabon Magani

Damina na kankama, daga watan Yuli zuwa Oktoba, ake bi gida-gida a Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura ana ba yara 'yan wata 3 zuwa wata 59 maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, wanda ma'aikatan lafiya ke kira SPAQ. Hukumar Lafiya ta Duniya ce ta ba da shawarar wannan tsari a 2012 domin ƙasashen yankin Sahel. Zagaye huɗu ake yi, kwana 28 tsakanin kowanne. Masu rabon sun sha horo tun kafin ranar, amma duk da haka mai sa ido kan tara su a harabar asibitin mazaɓa da safiyar farko ya yi musu jawabi. Ni a ganina wannan jawabin bai kamata ya wuce minti biyar ba, domin duk abin da aka ƙara a kai daga lokacin rabo aka ciro shi.

Bayan sallama da gajeriyar addu'a, sai ya faɗi inda aka dosa, kuma da lissafi. “Mu yi ƙoƙari” ba ya nuna wa kowa hanya. A ce yara 1,200 ake nema a yankinsa cikin kwana huɗu, yana da ayari biyar na mutum bibbiyu. Sai ya raba a gabansu: “'Yan uwa, yara 300 ne a kullum, wato kowane ayari 60. Wanda azahar ta yi masa bai kai 30 ba, ya kira ni nan take, kada ya bari sai yamma.” Da wannan kowa ya sami ma'aunin da zai gwada kansa tun yana cikin lungu.

Daga nan sai rabon aiki, kuma nan ne ya kamata ya ɗan daɗe. Ya kira kowa da sunansa, ya damƙa masa nasa. “Hajiya, ke za ki shiga cikin gida, ki tambayi shekarun yaro, ki tsaya har ya sha magani a gabanki. Malam, takardar ƙidaya da alli na hannunka, kada ka sa wa gida alama sai ta fito ta faɗa maka yara nawa suka sha.” Dalilin wannan ƙa'idar shi ne, gidaje da yawa namiji ba ya wuce zaure, idan kuwa ya riga ta yin alama, za a rubuta gida an gama alhali akwai yaron da ya bi uwarsa gona. Ya kuma ja iyaka tsakanin ayari da ayari da abin da ido ke gani, kamar masallacin Juma'a ko rijiya ko bakin kwalta. Idan aka bar iyaka a duhu, da yamma za a tarar ayari biyu sun shiga layi ɗaya, wata rugar kuma da ke bayan dutse babu wanda ya leƙa ta. Mai shela da mai unguwa su ma a ambaci nasu: ɗaya ya sanar tun daren jiya, ɗaya kuma shi ake nema idan maigida ya ƙi.

Kan yadda za a yi aikin, kada ya sake karanto littafin horo. Ya tsamo 'yan abubuwan da kuskure a cikinsu ke cutar da yaro. Fakitin ɗan ƙasa da shekara ɗaya daban yake da na manyan yara. Yaron da jikinsa ya yi zafi ba a ba shi, asibiti ake tura shi a gwada jininsa. Idan ya yi amai cikin minti 30, sau ɗaya tak ake sake ba shi. Sai wanda aka fi sakaci da shi: ƙwayoyi biyun da ake bar wa uwa, ɗaya ta gobe ɗaya ta jibi. Idan ba a sha su ba rigakafin bai cika ba, saboda haka a sa uwar ta maimaita bayanin da bakinta kafin a fita.

Shi ma mai jawabin haka zai yi da mutanensa. Kada ya tambaya “An gane?”, domin kunya za ta sa kowa ya ce an gane. Ya dubi mutum ɗaya ya ce, “Malama, kin shiga gida kin tarar da yaro da zazzaɓi, me za ki yi?” Idan ta yi jim, sai ya sake bayanin cikin natsuwa ba tare da ya muzanta ta ba. Sannan ya faɗi ƙarfe nawa za a dawo da takardu da ragowar magani don a daidaita lissafi, ya karanto lambar wayarsa sau biyu, ya sallame su tun rana ba ta yi zafi ba.